Tace shigarwar janal da Excel: yadda ake gano inda manyan kamfani suka tsallake ƙa'ida

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni sabon shiga ne a wani ofishin odita a Birnin Kebbi. An tura ni wani kamfanin casar shinkafa, shugabana ya ce in gwada shigarwar janal don a ga ko manyan kamfanin sun tsallake ƙa'idojinsu sun taɓa alƙaluma. Sun ba ni leja mai layi kusan dubu hamsin a Excel. Na tace na ƙarshen mako da masu cikakken adadi, sai layi fiye da dubu uku ya fito mini. Ta ina zan kama?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ka ajiye filta tukuna, domin akwai aikin da ya riga ta.

Abu na farko shi ne ka tabbatar lejar da ke hannunka cikakkiya ce. Wanda ya fitar maka da ita yana ƙarƙashin mutanen da kake gwadawa, kuma idan an cire layi shida kafin a miƙo maka, ko ka kwana kana tacewa ba za ka gan su ba. Ba ma sai da mugun nufi ba. Idan an fitar da fayil ɗin a tsohon tsarin `.xls`, layi 65,536 kawai yake ɗauka, kuma wasu manhajoji sukan datse ragowar ba tare da sun ce uffan ba. Sabon tsarin `.xlsx` yana ɗaukar layi 1,048,576. Shi ya sa nake son odita ya zauna kusa da akanta lokacin da ake fitar da fayil, ya ga an zaɓi dukkan asusu da dukkan watanni goma sha biyu, ya karɓa nan take, ya ajiye kwafi guda da ba zai taɓa ba.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Ka ɗauko tirayal balans na farkon shekara da na ƙarshenta ka jera su a shafi guda: lambar asusu a A, balans na farko a B, na ƙarshe a C, kana rubuta na kiredit da alamar ragi. A shafin leja kuwa, wanda zan kira `GL`, bari mu ce kolum ɗinka sun jeru haka daga A zuwa I:

```
JnlNo | EffDate | EntryDate | User | Source | Account | Debit | Credit | Narration
```

Sai ka rubuta wannan a D2 na shafin tirayal balans, ka ja shi ƙasa:

```
=B2+SUMIFS(GL!G:G,GL!F:F,A2)-SUMIFS(GL!H:H,GL!F:F,A2)-C2
```

Kowane asusu dole ya ba ka sifiri. Asusun kuɗin shiga da na kashewa suna fara shekara daga sifiri bayan an kwashe ribar bara zuwa asusun ribar da aka tara, don haka ka tabbata balans ɗin farko da aka ba ka na bayan rufe littafin bara ne. Idan bayan wannan wani asusu ya ƙi zama sifiri, ka tsaya nan. Ko dai lejar ta rasa layuka, ko kuma akwai gyaran da aka yi a kan tirayal balans kai tsaye wanda bai bi ta leja ba, kuma na biyun shi kansa babban abin dubawa ne. Na sha ganin an tsallake wannan mataki saboda gaggawa, kuma duk lokacin da na ga haka a fayil ɗin wani, ba na amincewa da sauran aikin komai kyansa.

Kafin ka kunna filta da `Ctrl+Shift+L`, ka share layukan jimla da layukan da babu komai a cikinsu, domin filta takan tsaya a layin farko da ta tarar fanko, kai kuma ka ɗauka ta kai ƙarshe. Ka kuma gwada kwanan wata da `=ISNUMBER(C2)`. Idan ya ce `FALSE`, Excel yana kallonsa a matsayin rubutu ne ba kwanan wata ba. Mafi haɗari shi ne kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka: za ta karanta 03/11/2023 a matsayin 11 ga Maris alhali 3 ga Nuwamba ake nufi, ta bar 25/11/2023 a matsayin rubutu. Alamar ita ce ka ga wasu kwanaki sun jingina dama, wasu hagu a kolum guda. Ana gyarawa da `Text to Columns`, a zaɓi `Date` da `DMY`, amma daga asalin fayil, kafin Excel ya riga ya juya su.

Yanzu ga dalilin da ya sa tacewarka ta cika maka hannu. Jerin alamomin da ake koya mana, irin su ƙarshen mako, cikakken adadi, da bayani mai gajarta, an tsara su ne da tunanin ofishin da ke rufewa ranar Juma'a da yamma. Kamfanin casar shinkafa a Kebbi ba haka yake ba. Ana aiki ranar Asabar. Lokacin kaka, sa'ad da shanshera ke shigowa daga Suru da Argungu da Bunza, motoci ba sa duba ranar mako. Akanta kan tara takardun kwana uku ya shigar da su lokaci guda ranar da wuta ko netwok ya samu, kuma da azumi wasu sun fi son aikin dare. Haka cikakken adadi: kuɗin da ake ba wakilan sayen shanshera kusan kullum miliyan biyar ne ko goma cif. Saboda haka alama guda ita kaɗai ba ta nuna komai sai al'adar gidan. Abin da kake nema shi ne shigarwar da ta saɓa wa al'adar wannan gida, kuma wadda alamomi da yawa suka taru a kanta.

Don ka san waɗanne alamomi za ka zaɓa, sai ka tambayi kanka abu biyu: wa ke da ikon taɓa littafi ba tare da wani ya sa masa hannu ba, kuma wane adadi yake so ya gyaru? Ƙa'idar odita ta duniya kan zamba, ISA 240, ta ɗauki haɗarin manya su tsallake ƙa'ida a matsayin wanda ke cikin kowane kamfani, shi ya sa ta wajabta gwada shigarwar janal a kowane odit, ko da kana ganin masu kamfanin mutanen kirki ne. Dalilin shi ne duk wata ƙa'ida ta cikin gida manya ne suka kafa ta, kuma su ne za su iya cewa ƙaramin ma'aikaci ya shigar, takarda ta biyo baya. A WorldCom ta Amurka haka aka yi. A 2002 masu binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper suka gano an riƙa kwashe kuɗin hayar layukan sadarwa daga asusun kashewa ana mayar da su kadara ta hanyar shigarwar janal, kuma adadin da aka fara bayyanawa dala biliyan 3.8 ne. Ba a yi wannan da dabara mai wuya ba, debit ne da kiredit bisa umarnin na sama.

A kamfanin shinkafa, matsin lamba yawanci daga banki yake zuwa. Ana buƙatar bashi mai kauri don sayen shanshera a kaka, kuma banki zai duba ribar da ke cikin asusun da aka bincika kafin ya sabunta. Idan haka ne, ka sa ido kan duk abin da ke ɗaga riba: ƙara darajar kayan sito, rage kuɗin kayan da aka sayar, ƙara ciniki a ƙarshen Disamba. Idan kuwa damuwar mai kamfani haraji ce, to ta ɗaya ɓangaren za a karkata. Ka san wanne ne kafin ka fara.

Bari in ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na tsara su ne domin darasi, amma sun yi kama da abin da za ka tarar. Shekarar kuɗi ta ƙare 31 ga Disamba 2023, leja tana da layi 48,600, ribar da kamfani ya nuna kafin haraji naira miliyan 112 ce, kuma ofishinku ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari nata, wato miliyan 5.6, a matsayin ma'aunin kuskuren da ba za a kau da kai daga gare shi ba.

Na fi son farawa da `PivotTable` kafin filta, a sa `User` a layi, a ƙirga layukan kowa. A misalinmu mai shigar da sayayya yana da layi 21,300, na ciniki 17,850, kashiya 7,400, akantan leja 1,986, sai kuma `fm01`, manajan kuɗi, da layi 64 kacal a duk shekara. Wannan ɗan ƙaramin adadi shi ya fi jan hankalina. Aikin manajan kuɗi shi ne ya duba ya amince da abin da wasu suka shigar. Idan shi ya shigar da kansa, wa ya duba masa? Layi 64 ba su da yawa, ka karanta su duka ɗaya bayan ɗaya, ko sun faɗa cikin wata filta ko ba su faɗa ba.

Daga nan sai ka ware shigarwar hannu daga wadda manhaja ke yi da kanta. Idan aka rubuta takardar ciniki, manhaja ce ke kai debit da kiredit wuraren da aka saita mata. A janal na hannu kuwa mutum ne ke zaɓar asusun da yake so, da adadin da yake so, da ranar da yake so, shi ya sa ya zama ƙofar da aka fi bi. A Sage 50 da akantoci da yawa suka saba da shi tun yana Peachtree, za ka ga `GENJ` a kolum ɗin janal ga shigarwar hannu, sauran kuma `SJ` na ciniki, `PJ` na sayayya, `CRJ` na karɓar kuɗi da `CDJ` na biyan kuɗi. Tace `GENJ` ya rage mana layi daga 48,600 zuwa 1,940.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi ne wanda ake yawan rasa bayanansa. Kowace shigarwa tana da rana biyu: ranar da aka rubuta mata a matsayin ranar aikinta, da ranar da aka zauna aka buga ta a kwamfuta. Ta farko mutum ne ke zaɓa, ta biyu manhaja ce ke ɗauka. Rahoton leja na yau da kullum yakan nuna ta farko kawai, don haka sai ka nemi rahoton `Audit Trail`, wanda ke nuna wanda ya shigar da lokacin da ya shigar, ka haɗa su da lambar janal. Ka duba da wace rana ka yi taka tacewar. Ranar 31 ga Disamba 2023 Lahadi ce, saboda haka wanda ya tace ƙarshen mako da `EffDate` zai kwaso dukkan shigarwar rufe shekara, masu laifi da marasa laifi, bai gano komai ba. Tambayar ranar mako ta shafi `EntryDate` ne kawai.

Maimakon ka riƙa kunna filta kana kashewa har ka manta abin da ka yi, ka buɗe sababbin kolum biyar daga J zuwa N, kowanne ya ba da 1 idan alamar ta samu, 0 idan ba ta samu ba, sannan O ya tara su:

```
J2 =--(E2="GENJ")
K2 =--AND(B2<=DATE(2023,12,31),C2>=DATE(2024,1,1))
L2 =--OR(D2="fm01",D2="admin")
M2 =--(WEEKDAY(C2,2)=7)
N2 =--AND(G2+H2>0,MOD(G2+H2,1000000)=0)
O2 =SUM(J2:N2)
```

J na hannu ne, K wadda aka buga bayan shekara ta ƙare amma aka mayar da ita cikin shekarar, L mai shigarwar da ba aikinsa ba ne, M Lahadi kaɗai tunda Asabar ranar aiki ce a nan, N kuma adadin da ya cika miliyan cif. Amfanin wannan tsari shi ne shugabanka zai iya buɗe fayil ya ga ainihin abin da ka gwada, kuma ko wani ya maimaita zai samu abin da ka samu.

Akwai tarko a nan da ke kama kusan kowa. Filta layi take nuna maka, ba janal ba. Za ka ga ƙafar debit ta fito, ta kiredit ta ɓoye saboda an raba ta gida uku kuma babu wadda ta cika miliyan. Alhali ma'anar shigarwa tana cikin haɗin asusun biyu ne, daga ina aka ɗauko, ina aka kai. Don haka ka ƙara kolum guda da zai jawo dukkan layukan janal matuƙar ɗaya daga cikinsu ya samu maki uku ko fiye:

```
P2 =--(COUNTIFS(A:A,A2,O:O,">=3")>0)
```

A kan layi dubu hamsin wannan zai ɗan jinkirta kwamfuta, sai ka bari ya gama, ka kwafe sakamakon ka manna da `Paste Values`. Ka tace P a kan 1. Idan kana son jimlar abin da filta ta bari, ka yi amfani da `=SUBTOTAL(109,G:G)` a wani gurbi da ke wajen kolum G, domin `SUM` yana haɗawa har da layukan da aka ɓoye.

A misalinmu janal tara suka rage. Bakwai daga cikinsu suna da bayani mai gamsarwa da takarda: ragin darajar injuna na shekara, tanadin haraji, kuɗin wutar Disamba da takardarsa ta iso a Janairu, da makamantansu. Wannan ba abin mamaki ba ne, rufe littafi dama a Janairu ake yinsa. Na takwas kuskuren lambar asusu ne aka gyara, kuma bai taɓa riba ba. Na tara shi ne wannan:

```
5871 | 31/12/2023 | 21/01/2024 | fm01 | GENJ | Inventory-Paddy | 86,000,000 | 0 | stock adj
5871 | 31/12/2023 | 21/01/2024 | fm01 | GENJ | Cost of Sales | 0 | 86,000,000 | stock adj
```

Maki biyar cikin biyar. Na hannu ne, an buga shi mako uku bayan shekara ta ƙare, manajan kuɗi ne da kansa, 21 ga Janairu 2024 Lahadi ce, adadin kuma cif yake. Ya ɗaga kayan sito da miliyan 86, ya rage kuɗin kayan da aka sayar da miliyan 86. Idan ka cire shi, ribar miliyan 112 ta koma miliyan 26.

Duk da haka, a wannan mataki ba ka gano zamba ba, tambaya ka gano. Ina jaddada wannan domin haɗin waɗannan asusu biyu halal ne a kansa. Kamfanin da ke ƙirga sito a ƙarshen wata, haka yake shigar da ragowar kayansa: debit ga sito, kiredit ga kuɗin kayan da aka sayar. To sai ka cire duk filta, ka tace asusun `Inventory-Paddy` kaɗai na tsawon shekara, ka ga yadda aka saba. Za ka tarar akantan leja ne ke yin wannan shigarwa sau ɗaya a wata, cikin kwana huɗu ko biyar bayan ƙirga, kuma adadin kullum yana da 'yan canji a ƙarshe domin buhu ne aka ninka da farashi. Ta Disamba ma ya riga ya yi ta tun 4 ga Janairu. Ke nan 5871 ƙari ce a kan wadda aka saba, daga hannun da bai saba ba.

Yanzu ka bar kwamfuta ka ɗauko takardar ƙirgar sito ta ƙarshen shekara, wadda ya kamata wani daga ofishinku ya halarta. Ta nuna buhu 9,350 na shanshera. A kan naira 40,000 kowane buhu, darajarsu miliyan 374 ke nan, kuma daidai wannan ne leja ta nuna bayan shigarwar 4 ga Janairu. Bayan 5871 sai ta koma miliyan 460, wanda yake daidai da buhu 11,500. Akwai buhu 2,150 a littafi da babu wanda ya gan su ranar ƙirga.

Amsar da za a ba ka na san ta, domin ita aka fi bayarwa: kayan suna hannun wakili a ƙauye, an saya ba a kwaso ba. Hakan yana faruwa da gaske, don haka kada ka yi watsi da ita, ka gwada ta. Idan an sayi buhu 2,150 kafin 31 ga Disamba, dole sayen ya bar sawu. Ko dai an riga an shigar da shi a asusun sayayya, a nan kiredit ga kuɗin kayan da aka sayar zai yi daidai, ko kuma ba a shigar ba, a nan kiredit ya kamata ya tafi asusun kuɗin da aka ba wakili tun farko ko asusun bashin da yake bin kamfani, kuma riba ba za ta motsa ko kwabo ba. Sai ka tace sayayyar Nuwamba da Disamba ka daidaita ta da takardun sikelin mota. Idan kowace sayayya da aka shigar tana da takardar sikeli da ke nuna kayan sun riga sun shigo harabar kamfani, to babu wata sayayya da ta rage a waje da za ta ɗauki wannan kiredit. Sannan ka duba takardun sikeli na Janairu da Fabrairu. Buhu 2,150 ba kayan mota ɗaya ba ne, idan sun iso daga baya za a ga motocin, da lambobinsu, da sa hannun mai sito. Ka kuma nemi ofishinku ya rubuta wa wakilin kai tsaye ya tabbatar da abin da ke hannunsa ranar 31 ga Disamba, amsar ta zo muku ba ta hannun kamfani ba.

Abu na ƙarshe a wannan bibiya shi ne lejar sabuwar shekara. Kullum ka nemi ta Janairu zuwa ranar da kake aiki. Wanda ya kumbura sito yana da matsala a gabansa, domin ƙirga ta gaba za ta tona shi, don haka yakan warware shigarwar da zarar ya ga an wuce wurin. A misalinmu an warware ta a Fabrairu, amma a gida biyu, miliyan 50 da miliyan 36. Wanda ya nemi 86,000,000 da `Ctrl+F` ba zai samu ba. Wanda ya tace asusun sito ya duba ɓangaren kiredit na shigarwar hannu zai gan su a jere. Kayan da aka ce suna ƙauye ba su iso ba, an dai goge su daga littafi.

Wannan rabawa tana tuna mini wata tacewa da nake ƙarawa. Idan ƙa'idar kamfani ta ce duk janal da ya kai miliyan 5 sai shugaban kamfani ya sa hannu, ka shiga `Number Filters`, ka zaɓi `Between`, ka sa 4,500,000 zuwa 4,999,999. Idan ka ga huɗu ko biyar a rana guda, hannu guda, asusu guda, to abu ɗaya ne aka yanyanka don ya wuce ta ƙarƙashin ƙa'ida. Saboda wannan ne ba na yarda a ce za a duba abin da ya haura ma'aunin miliyan 5.6 kawai. Wanda ya san aikin odita ya san inda muke sa layi.

Akwai kuma inda filta ba ta kaiwa, kuma ya kamata ka rubuta wannan a fayil ɗinka a fili. A kamfanoni da yawa na nan kowa da `admin` yake shiga, kalmar sirri ɗaya ce daga akanta har ɗan bautar ƙasa. A irin wannan gida kolum ɗin `User` bai gaya maka komai ba, sai ka jingina da rana da haɗin asusu, ka kuma rubuta raunin a wasiƙar da za ku ba shugabannin kamfani. A manhajar da ke zaune kan kwamfuta guda ana iya mayar da agogon kwamfutar baya kafin a shigar, amma inda manhajar ke ba da lambar jere da kanta sai abin ya bayyana: ka jera da lamba, za ka ga shigarwar da ke da'awar Disamba tana zaune a tsakiyar lambobin ƙarshen Janairu. Wani kuma ba ya taɓa janal sam, sai ya buɗe tsohuwar takardar ciniki ya canja adadi, ko ya ƙirƙiro sabuwa ta bi ta `SJ` kamar kowace. Shi ya sa ware `GENJ` hanya ce ta farawa, ba hujjar watsar da sauran ba, kuma dole ka leƙa cinikin makon ƙarshe na Disamba da kayan da aka ce an dawo da su a Janairu. Sannan akwai gyaran da ake yi tsakanin tirayal balans da rahoton kuɗi na ƙarshe, a wani shafin Excel da ke kwamfutar manaja. Ba ya cikin leja ko kaɗan, ba za ka same shi ba sai ka daidaita kowane layin rahoton da tirayal balans.

ISA 240 ta kuma buƙaci ka tambayi masu shigar da bayanan da bakinka ko an taɓa sa su yin wani abu da bai kwanta musu ba. Ka yi wannan da ladabi, kowa shi kaɗai, ba a gaban maigidansa ba. Kada ka ce ko an sa ka yin zamba, babu wanda zai amsa. Ka ce, Malam, akwai shigarwar da aka ce ka yi takarda za ta biyo baya? Akwai wanda ke shiga da sunanka idan ba ka nan? Ƙaramin akanta da ke tsoron rasa abincinsa ba zai yi dogon bayani ba, amma yakan ce ka duba wata kaza, kuma wannan ya ishe ka. Ka kiyaye sunansa. Kada kuma ka gaya wa kamfani alamomin da kake tacewa da su, sannan ka canja ɗaya ko biyu kowace shekara don kada a haddace su.

Idan ka kai inda misalinmu ya kai, kada ka tunkari manajan kuɗi da zargi, kuma kada ka yi maganar a wajen aiki. Birnin Kebbi gari ne da kowa ya san kowa, magana ɗaya tana iya ɓata mutum kafin a tabbatar da komai. Ka haɗa janal ɗin, da takardar ƙirga, da takardun sikeli, da shigarwar warwarewa, ka rubuta abin da ka tambaya da amsar da aka ba ka kalma da kalma, ka kai wa shugabanka a ranar. Shi zai kai maganar ga daraktoci, tunda wanda abin ya shafa babba ne a sashen kuɗi, kuma shi zai yanke abin da za a faɗaɗa, domin daga lokacin duk wani bayanin baki da ya fito daga wannan manaja sai an sake neman hujjarsa, kuma sauran layukansa 62 sai an bi kowanne har takardarsa. Idan kamfani ya amince ya cire miliyan 86, ribar da za a buga miliyan 26 ce. Idan ya ƙi, adadin ya ninka ma'auninku fiye da sau goma sha biyar, kuma ofishinku ba zai iya ba da ra'ayi mai tsabta a kan wannan asusu ba.